Lita Arba'in da Biyar

Ni ne na rubuta lita arba'in da biyar, da hannuna, da biro shuɗi, na sa hannu a ƙasa. Na faɗi wannan tun farko don kada mai karatu ya yi ta neman wani mugu a cikin labarin nan. Ni ne dai.

A lokacin ina aiki a sashen lantarki na wata ma'aikata a Birnin Kebbi, kuma fitilun titi ne a hannuna. Aikin da ba wanda ya san kana yinsa sai ran da fitila ta mutu. Shekara goma sha ɗaya ina kan mataki ɗaya, ba ci gaba, yaran da na koya wa riƙe filaya suna wuce ni ina kallo. Abin yana cina ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Fitilun da muke da su a lokacin na sodiyam ne, masu hasken nan ruwan lemo. In ka kunna su sai su fara da ɗan ja-ja, su ɗauki minti huɗu ko biyar kafin su kama sosai. A jikin ƙwan an rubuta wat ɗari biyu da hamsin, amma ba iyakar abin da take ja ke nan ba. A cikin kan fitilar akwai wani dunƙulen ƙarfe da waya da muke kira cok, shi ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan, kuma shi ma yana cin nasa, kamar wat talatin, ya mai da shi zafi. Yawancin masu lissafi a ofis suna mantawa da cok. Ni ban taɓa mantawa da shi ba, kuma ina alfahari da hakan, har ina yi wa mutane gori a kai.

Da aka fara maganar fitilun LED, farare, ni na fi kowa zaƙewa. Aka ba ni wani ɗan titi a unguwar Gesse in gwada, mai turken fitila arba'in, wanda ke kan wutar gari kuma yana da mitarsa. Na karanta mita kafin a sauya, na karanta bayan an sauya. Fitilar wat ɗari ta maye gurbin mai cin ɗari biyu da tamanin, hasken bai ragu ba a kan kwalta, kuma a duk awar da aka sami wuta abin da mita ke ci ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya, daidai yadda na lissafa. Darakta ya kira ni ofishinsa, karo na farko da ya ce in zauna. Ya ce, "Ashe muna da mutum a nan ba mu sani ba." Na fito ina jin kaina ya yi girma.

Sai ya ce in yi irin wannan lissafi a kan babban titin da muke kula da shi a Argungu.

Titin Argungu ba a kan wutar gari yake ba. Inji ne ke ba shi wuta, wani tsohon janareto mai ƙarfin kVA ɗari, a cikin ɗaki na bulo da rufin kwano a bakin hanya. Turke ɗari da ashirin. Ana kunnawa ƙarfe bakwai na yamma, a kashe ƙarfe shida na safe, awa goma sha ɗaya. Kowace yamma mai sito yana auna wa mai inji man gas lita ɗari da ashirin, kuma a lokacin lita tana wajen naira dubu. Wato dubu ɗari da ashirin ke ƙonewa kowane dare. Wannan kuɗi shi ke hana Darakta barci.

Na zauna a teburina na buga. Fitila ɗari da ashirin, kowace wat ɗari biyu da tamanin, ya ba ni kilowat talatin da uku da ɗigo shida. Sau awa goma sha ɗaya, yunit ɗari uku da saba'in a dare. In an sa LED, ɗari da ashirin sau wat ɗari, kilowat goma sha biyu, yunit ɗari da talatin da biyu a dare. Har nan ba kuskure, ko yau aka tashe ni daga barci haka zan faɗa. Daga nan ne na ce, to, in yunit ɗari uku da saba'in na shan lita ɗari da ashirin, ɗari da talatin da biyu za su sha arba'in da uku. Na ƙara biyu don alheri. Na rubuta arba'in da biyar, na ja layi biyu a ƙarƙashin rarar: naira dubu saba'in da biyar kowane dare.

Kafin in miƙa takardar na hau mota na je Argungu don in ƙirga turakun da idona.

Mai injin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, ni ma haka. Gajere, baƙi, farar gemu kaɗan, yatsunsa sun rine da baƙin mai har sabulu ya haƙura. Ba ma'aikacin dindindin ba ne, ɗan wucin gadi ne da aka manta da shi a wurin har shekara goma sha tara. Yana da 'yar gonar shinkafa a fadama da yake zuwa da safe bayan ya kashe inji. Ɗakin injin a share yake tas. A bayan ƙofa yana da wata sanda ta itacen giginya da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, kowace tsaga lita goma, da ita yake auna tanki. Bai iya boko ba, da ajami yake rubuta abin da inji ya sha a wani littafin 'yan makaranta.

Ya shimfiɗa mini buhu, ya aika aka sayo soyayyen kifi. Muna ci ina ba shi labarin fararen fitilu, na ce masa ya kusa hutawa da ɗaukar jarkoki, lita arba'in da biyar za ta kai shi safe.

Ya daina tauna. Ya ce, "Injiniya, nawa ka ce?"

Na maimaita.

Ya girgiza kai. "Wanga inji ba shi kwana da arba'in da biyar. Ko fitila guda ba ka ɗora mai ba, in dai yana juyawa sai ya sha nashi. Yana da cikinai. Kai ƙwai ka lissafa, ba ka lissafa cikin inji ba."

Na yi dariya. Na ce, "Baba, inji ba saniya ba ne."

Ya ce shekarun baya waya ta taɓa yankewa a ƙasa, rabin titi ya mutu har kwana tara, kuma gas bai ragu rabi ba, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ya ragu. Ya tashi zai ɗauko littafinsa ya nuna mini. Na ce ya bar shi, ban iya karanta ajami da sauri ba, kuma ina son in kama hanya kafin la'asar. Ya ce, "In ka rubuta saba'in, ina iya kwana da shi. Ƙasa da haka, wallahi ban sani ba."

A mota ina komawa, abin da na raya a raina shi ne: tsohon nan yana da ɗan abin da yake ragewa a ɗari da ashirin ɗin nan, shi ya sa yake neman saba'in. Haka na zarge shi, ina cikin narkar da kifinsa. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, maganar da ya faɗa an koya mana ita a makaranta. Mita abin da ka ja kawai take ƙirgawa. Injin gas kuwa yana ƙona mai don ya juya kansa, ya juya fanka da famfo, ko da kaya ko babu, kuma babban inji da ɗan kaya kaɗan shi ya fi kowa ɓarna. Na san wannan. Amma Gesse ta riga ta hau mini kai, kuma saba'in da biyar ta fi hamsin kyau a gaban Darakta.

Aka amince da takardar. Cikin wata uku aka sauke jajayen fitilu aka ɗora farare. Daren farko na je. Titin ya yi fari fes, masu shayi da masu soya kifi da masu tallar albasa suka fito suna kallon sama. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta ce ita dai wannan haske ya tona mata asiri, yanzu kowa na ganin man ya yi baƙi. Aka yi dariya. Baba yana tsaye a ƙofar ɗakinsa yana sauraren injin, bai yi dariya ba. Ya ce mini, "Ji yadda yake gudu ba kaya. Ba shi son haka."

Kwana huɗun farko lafiya lau, don akwai ragowar mai a tanki. A dare na biyar, wajen ƙarfe biyu, Baba ya sa sandarsa ya ga tanki ya kusa ƙasa, ya kashe inji da hannunsa, domin in ya bari ya shanye, iska za ta shiga famfo, washegari sai an wahala kafin ya tashi. Titi ya yi duhu daga ƙarfe biyu har asuba. Haka dare na shida, haka na bakwai.

Mutanen Argungu ba su san lissafina ba. Abin da suka sani shi ne shekara goma sha tara fitila na kaiwa safe, yanzu an kawo mai cin wuta kaɗan kuma tana mutuwa ƙarfe biyu. Masu lodin albasa da ke tashi da tsakar dare suka fara ƙorafi. Aka fasa shagon wani mai sayar da waya a cikin duhun. Wani mai babur ya faɗa kwalbati ya karye a ƙafa. Kowa ya juya ya kalli ɗakin injin.

Baba ya kira ni a waya sau uku a makon nan. Na farko na ce ya duba ko tanki na yoyo. Na biyu na ce zan zo. Na uku ban ɗauka ba.

Sai abubuwa biyu suka haɗu suka gama da shi. Na ɗaya, bututun hayaƙin injin ya fara zubar da wani baƙin ruwa mai kauri yana gangarowa a bango. Inji ne da ba ya samun kayan da zai yi zafi sosai, sai man da bai ƙone ba ya haɗu da toka ya fito. Mai sito ya gani ya ce ga shi nan, tsoho yana sayar da gas yana cika tanki da baƙin mai. Na biyu, wani maigadi ya ga Baba wajen ƙarfe ɗaya na dare a bakin ɗakin inji da jarka mai lita ashirin da biyar a bayan babur. Kafin azahar labari ya iso Birnin Kebbi.

Aka kafa kwamiti na mutum huɗu, ni ne na huɗu, a matsayin masani. Aka kira Baba. Ya zo da farar riga wankakkiya da hula, da littafinsa a leda, ya ƙi zama a kujera sai da aka matsa masa. Darakta ya tambaye shi zancen jarka.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, shigowa da ita nike, ba fita ba. Shinkafa na sayar, buhu biyu, ina sayen gas ina ƙarawa, don mutane sun dame ni. Dare shida na yi haka, kuɗin ya ƙare."

Mai binciken kuɗi, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce tunda yake bai taɓa jin wanda ya sayar da shinkafarsa ya saya wa gwamnati mai ba. Ya tambayi rasit. Wa ke ba da rasit a wurin 'yan bumburutu da ƙarfe ɗaya na dare? Baba ya buɗe littafinsa ya tura gabansu. Ba wanda ya taɓa shi.

Sai Darakta ya juyo gare ni. Ya ce, "Injiniya, kai ka yi lissafin nan. Arba'in da biyar tana isa ko ba ta isa?"

A lokacin sunana yana cikin jerin waɗanda za a ƙara wa girma, takardar tana kan teburin nan da muke zaune a gabansa, na ga gefenta a ƙarƙashin wani fayil. Kuma a lokacin na riga na fara zargin kaina, don tun ran da na ji zancen baƙin ruwan nan na san ko mene ne. Baba yana kallona. Ba kallon roƙo ba ne, kallon mutumin da ya tabbata za ka faɗi gaskiya ne, yana jira kawai ka buɗe baki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a Gesse lissafin bai yi kuskure ba ko da yunit ɗaya."

Ban yi ƙarya ba. Na zaɓi gaskiyar da za ta kashe shi ne na faɗa. Darakta ya ce to shi ke nan. Da yake ɗan wucin gadi ne, ko takardar kora ba a wahala an rubuta ba, aka ce ya miƙa makulli, kuma don tsufansa ba za a kai shi ga 'yan sanda ba, ya gode wa Allah. Baba ya mayar da littafinsa cikin leda, ya ɗaure bakinta. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce mini, "Injiniya, in an sa wani, ka ce ya riƙa duba ruwan lagireto, yana ragewa." Ya fita.

Aka sa wani mutum daga garejinmu, mai takardar shaida. Daren farko fitila ta mutu ƙarfe biyu saura. Dare na biyu mutumin ya bari tanki ya ƙafe, iska ta shiga, aka kwana biyu ba wuta gaba ɗaya. Mai binciken kuɗi ya ce ai duk halinsu ɗaya.

Ban gaya wa kowa ba, ranar wata Alhamis na tafi Argungu da yamma. Na karɓi lita arba'in da biyar daga hannun mai sito, na zuba da kaina, na sallami sabon mai injin, na kulle ƙofa ta ciki na sa makulli a aljihu. Sandar Baba tana nan a bayan ƙofa, ba wanda ya ɗauke ta. Na tada inji ƙarfe bakwai. Na sa na'urar awo a waya, kilowat goma sha biyu cif, lissafin fitiluna daidai. Kowace awa in tsoma sanda in duba da tocila. Ƙarfe goma, tsaga biyu sun tafi. Sha ɗaya da rabi, uku. Na zauna a kan buhun da ya taɓa shimfiɗa mini, sauro na cizona, ƙarar inji ta cika mini kai, ina ta roƙon Allah sandar ta yi ƙarya. Ƙarfe biyu saura kwata na kashe inji. Lita shida da rabi a awa. Sau goma sha ɗaya, saba'in da ɗaya da rabi.

Na buɗe ƙofa na fito. Titin duhu ƙirin daga nan har inda ido ya kai, sai 'yar fitilar wani mai shayi can nesa. Ban yi kuka ba, amma na ji kunyar da ban taɓa ji ba, irin wadda ke sa mutum ya ƙi jinin jin muryarsa.

Na rubuta sabuwar takarda. Ga yadda na rubuta ta, don kada in yi wa kaina ado: na ce bincike ya nuna injin ya yi wa sabbin fitilu girma kuma ya tsufa, don haka a mayar da kason mai lita saba'in da biyu kafin a sayi ƙaramin inji mai kVA ashirin ko talatin. Na nuna cewa ko a haka ana rarar kusan naira dubu hamsin a dare, kuma da ƙaramin inji za a dawo kusa da arba'in da biyar ɗin. Duk gaskiya ne. Fitilun LED ba su yi laifin komai ba, har yau ina cewa a sa su. Amma babu layi ɗaya a takardar da ya ce lissafin farko kuskure ne, babu layi ɗaya da ya ambaci tsohon. Darakta ya karanta ya ce, "Madalla, ka sake ceto mu." Na ce, "Ranka ya daɗe, shi kuma dattijon nan fa?" Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "An rufe wannan fayil. Ko kana son a buɗe?" Na tattara takarduna na fita. Ƙarin girmana ya fito a wata na gaba.

Sai da na yi wata biyar kafin na iya neman gidan Baba. A unguwarsu aka ce ya tashi, ya koma Augie wurin babban ɗansa. Wani mai faci a bakin layin ya ce, "Wa? Baba Gas?" Sunan da suka laƙaba masa ke nan. Ya ce yara ne suka fara, manya suka ɗauka, har Baba ya daina zama sahun gaba a masallaci, daga baya ya daina fitowa.

Na same shi a Augie a ƙarƙashin rumfa, yana zaune cikin tarin albasa yana ware ruɓaɓɓu. Ya rame, hular ta yi masa yawa. Ya gane ni tun daga nesa, ya sa aka kawo ruwa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi inji. Na ce na kwana da shi, na auna da sandarsa.

Ya ce, "Nawa ka samu?"

Na ce, "Shida da rabi a awa."

Ya ɗan yi lissafi da yatsu. Ya ce, "Saba'in da 'yan kai. To." Ya ci gaba da ware albasa.

Na ciro ambulan, kuɗin buhun shinkafa biyu har da ƙari, na ajiye a gefensa. Na ce ya yafe mini. Ya tura ambulan ɗin da bayan hannu ya dawo gabana.

Ya ce, "Shinkafa ta wuce, Injiniya, an noma wata. Na yafe maka tsakanina da kai. Abu guda nike so. Ka zo masallacin unguwarmu can Argungu, ranar Juma'a bayan magariba, lokacin da mutane suka cika. Ka tashi ka ce kai ne mai lissafin, ka ce ban ɗauki ko lita guda ba. Kai za su yarda da kai, kana da takarda. Ina da jikoki a unguwar nan, su ake kira jikokin Baba Gas."

Na ce in sha Allahu, wannan Juma'ar mai zuwa.

Juma'ar ta zo, aka ce akwai taro a ofis. Ta gaba, na yi tunanin in maganar ta koma kunnen Darakta fa? Masallaci ba ya riƙe magana, a cikin masu sallar akwai mai sito. Na ce bari in jira a tabbatar mini da sabon matsayi tukuna, wata shida ne kawai. Da aka tabbatar, sai aka kawo ƙaramin injin, na shiga hidimar kafa shi. Na je Argungu ya fi sau goma a watannin nan. Ina wucewa ta bakin layinsu, in ga hasumiyar masallacin, in ƙara wa mota wuta. Kullum ina da dalili, kuma kowane dalili in ka ji shi shi kaɗai sai ka ce mai hankali ne.

Ɗansa ne ya kira ni wata safiya, ya ce Baba ya cika da asuba, kuma ya bar wasiyya a kai shi Argungu a rufe shi kusa da matarsa. Ya ce, "Ya ce in an yi, a gaya maka." Na bar abin da nake yi na kama hanya.

A ƙofar masallacin nan aka yi masa salla, wanda na yi alkawarin zuwa. Mutane sun taru fiye da yadda na zata. Da aka sallame, kafin a ɗauki makara, liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi: duk wanda ke bin mamaci wani abu, ko wanda mamaci ke bi, ya faɗa yanzu ko ya sami iyalinsa. Ɗan Baba yana tsaye kusa da liman, ya ɗago kai yana duba sahu-sahu har idonsa ya same ni, ya tsaya a kaina.

Ga jama'ar unguwa duka, ga liman ya buɗe mini ƙofa da bakinsa. Na buɗe baki zan yi magana. Sai na hango mai sito a sahu na biyu, da wasu mutum biyu daga ofishinmu da suka zo a motar ma'aikata. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmana. Liman ya jira kaɗan, ya ce to Alhamdu lillahi, a ɗauka.

Muna tafiya bayan makara a kan babban titin, ƙarƙashin fararen fitiluna da ke kashe da rana, wani dattijo da ban sani ba ya jero da ni. Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Mutumin kirki ne, wallahi, in ban da abin nan da ya faru. Allah dai ya gafarta mai, har da gas ɗin nan da ya ci."

Na ce, "Amin."